Ƙullutun da ke gefen cibiyata

Shekara shida ina yi wa kaina allurar insulin ta ciwon suga, kusan duk a wuri guda, gefen cibiya ta dama. Wurin ya daina zafi, sai na ɗauka gwaninta ce ta zo.

Ashe kitse ne ya taru ya yi ƙullutu a ƙarƙashin fata. In na shafa sai in ji tudu mai tauri-tauri, kamar roba. Maganin da aka zuba a irin wannan wurin ba ya shiga jini daidai. Shi ya sa suga na ya rikice: yau ya hau bayan tuwon dare, gobe da adadin maganin nan dai ya faɗi har in kama karkarwa da gumi. Na daɗe ina zargin tuwon, bawan Allah.

Wata nas ce ta laluba cikin ta ce, “Baba, bar wurin nan ya huta, zai ɗauki watanni.” Ta kuma ja kunnena cewa lafiyayyar fata ta fi jan magani, don haka likita ya rage mini adadin, na ƙara yawan gwajin suga.

Yanzu na raba cikina gida huɗu, kowane mako da nasa. Tsakanin allura da allura ina barin faɗin yatsa ɗaya, in nisanci cibiya da yatsu biyu. Tsinken allura kuwa sau ɗaya nake amfani da shi, duk da tsadarsa na ci mini rai.