Jimlar Da Ta Ɓata Mini Kwana Biyu

Makon jiya a ofishinmu da ke Bompai, na tura wa Hajiya akanta imel, na fara da "per my last email", wato "kamar yadda na faɗa a imel ɗina na baya". Nufina tuni ne kawai. Ita kuwa abin da ta ji shi ne, "Ba kya karatu ne?" Kwana biyu gaisuwarmu ta yi sanyi, wallahi abin ya dame ni.

Laifin jimlar shi ne tana nuna wa mutum gazawarsa, sannan ta bar shi da wahalar tono tsohon saƙo. Da na sake rubutawa, sai na kwafo jadawalin kuɗin a cikin sabon saƙon, na ce, "Hajiya, ga shi nan don sauƙi. Ina buƙatar sa hannunki kafin Alhamis, ƙarfe 12." Kafin la'asar ta amsa.