Tambarin makarantar yara: zare da hatimi ne suka zaɓa mana launi

Hajiyar da ta ba ni aikin tambarin makarantarta ta nasare da firamare a Kano ta zo da buƙata guda: a sa launukan bakan gizo duka, tunda na yara ne. Na ce, "Hajiya, kafin mu taɓa launi, ina da ina tambarin zai hau?" Ta lissafo aljihun yunifom, hijabin 'yan mata, katangar makaranta, takardar sakamako da hatimin ofis. Wannan lissafin shi ya yanke kusan komai.

Bajen yunifom da zare ake ɗinka shi, kuma zare bai san launin da ke narkewa a hankali ya koma wani ba. Kowane launi zarensa daban, kowane ƙari kuwa ƙarin aiki ne da kuɗi ga mai keken. Hatimi launi ɗaya gare shi. Takardar sakamako kuma fotokwafi za a yi ta yi mata, baƙi da fari. Saboda haka na fara zana tambarin da baƙi zalla, na rage shi zuwa faɗin santimita uku, na buga. Duk abin da ya cushe a wannan girman na cire shi, har da alƙalami da taurarin da Hajiya ke so. Buɗaɗɗen littafi da rana suka rage.

Sannan na koma kan launi, na tsaya a kan biyu: shuɗi mai duhu, `#1B3A6B`, da ruwan ɗorawa, `#FFC72C`. Shuɗin ne ke ɗauke da rubutu, ɗorawar kuma ita ce fara'ar abin. Akwai ma'aunin bambancin haske da masu tsara shafukan intanet ke aiki da shi, WCAG, wanda ya ce ƙaramin rubutu ya kai aƙalla 4.5 bisa 1 tsakaninsa da bangonsa. Wannan ɗorawar a kan fari ba ta kai 2 ba, shi ya sa sunan makaranta da aka rubuta da rawaya a farar katanga ke ɓacewa da tsakar rana. A kan shuɗin kuwa ta haura 7. Sai na kafa doka: ɗorawa ba ta zama rubutu sai in shuɗi ne a bayanta. Ja na bar shi da gangan, domin duk mai lura da allunan bakin titi ya san yadda ranarmu ke kodar da shi.

Kada kuma a yarda da allon waya. Allo da haske yake haɗa launi, wato RGB, injin bugawa da tawada, wato CMYK, kuma shuɗi mai ƙyalli yakan fito a dushe ko ya karkata zuwa shunayya. Na sa aka buga ɗan samfuri, na ɗauke shi zuwa wurin mai ɗinki, muka kara shi da zare a hasken waje.

Haruffa su suka fi ɗaukar hankalina. Taken makarantar da Hausa yake, akwai ƙ da ɗ a ciki. Yawancin salon rubutu masu ado da ake saukewa kyauta ba su da haruffanmu masu lanƙwasa. Ko dai ka ga ɗan akwati a gurbin harafin, ko manhajar ta aro shi daga wani salon a ɓoye, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri. Gwajina kullum shi ne in rubuta `ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ`, in ƙara girmansu sosai, in duba ko kaurinsu ɗaya da na sauran. Makarantar da ke koyar da rubutu bai dace ta rubuta takenta da kuskure a ƙirjin ɗalibanta ba, kuma wannan ban sassauta a kansa ba.

Salon rubutun Andika na ɗauka, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta tsara musamman don masu koyon karatu. Harafinsa na `a` irin wanda malama ke rubutawa a allo ne, kuma `I` da `l` da `1` ba sa rikiɗa wa yaro. Mai kauri ya ɗauki sunan, na daidai ya ɗauki taken. Hajiya ta so Comic Sans, salon da ke kama da na wasan yara, na tuna mata cewa iyaye ne ke biyan kuɗin makaranta, kuma tambarin nan zai hau takardar shaidar gama aji shida. A bajen kuwa mun bar taken gaba ɗaya, domin harafin da bai kai milimita 5 ba zare yakan toshe cikinsa.

Kafin in miƙa aikin na mayar da rubutun zane a manhajar CorelDRAW da `Ctrl+Q`, don kada kwamfutar mai bugawa ta musanya salon. Na ba Hajiya kwafi uku, mai launi, baƙi zalla, da fari na kan shuɗi, tare da takarda ɗaya mai lambobin launin da lambar zaren, da ɗan gwangwanin fentin da mai katanga zai riƙa haɗa nasa da shi.