Kafin a sa almakashi a kan yadin da aka aiko ki saya

Da daddare saƙon Yayata ya shigo daga ƙasar da take aiki. Hoto ne guda ɗaya na hannun rigar wata mata, sai 'yar magana a ƙasansa: "Don Allah ki nemo mini irin wannan yadin, shida nake so, akwai mai tahowa ƙarshen wata." Na amsa da "To Yaya, an gama", ban tambaye ta komai ba. Ina ganin yawan tambaya ga babba kamar nuna ƙyuya ne, kuma ga hoto a hannuna, me ya rage? Ƙannena, daga wannan amsar tawa kuskuren ya fara, kuma shi nake so ku kauce wa.

A hoton, ƙasan yadin ruwan madara ne, furannin jikinsa kuma kore-kore ne mai ɗan duhu, kowanne ya kai tafin hannu. Na yi kwana biyu ina zagaye har na samu wanda ya yi kama da shi. Mai kantin ya karɓi wayata ya duba, ya ce, "Ai shi ne wannan, kamfani ɗaya ne." Ya auna yadi shida, ya yanka, na biya, na naɗe na ba matafiyin. Da kayan suka isa Yaya ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba, sai ta ce a hankali, "Ƙanwata, ba shi ba ne." Raina ya sosu ƙwarai, don na san kuɗin guminta ne, kuma mai tahowa ba kullum ake samu ba.

Da muka zauna muka bi abin daki-daki, sai na gane cewa hoton ne bai faɗi gaskiyar launin ba. Ita ta ga rigar da idonta a jikin abokiyar aikinta, ta ɗauki hoton da dare a cikin ɗaki, ƙarƙashin ƙwan fitila mai hasken rawaya. Irin wannan hasken yana mayar da fari ya koma ruwan madara, shuɗi kuma ya karkata zuwa kore ko ya dushe. Kyamarar waya tana ƙoƙarin gyara wannan da kanta, amma ba kullum take dacewa ba. Asalin yadin fari ne tas da furanni shuɗaye. Ita da ta san abin, idan ta kalli hoton fari da shuɗi take gani, domin abin da ke zuciyarta ke nan. Ni kuwa da ban taɓa ganinsa ba, abin da allon wayata ya nuna shi na saya. Da na ce mata tun farko, "Yaya, ki faɗa mini launin da baki," da kalmomi biyu sun raba gardama.

Girman furen ma haka. Ta matso da wayar dab da hannun rigar, shi ya sa fure ɗaya ya cika rabin hoton. A zahiri kowanne bai wuce girman kwabo ba. Hoton da babu wani abu sananne a gefensa, kamar yatsa ko biro ko tef ɗin awo, ba ya nuna girma ko kaɗan.

Sai maganar "shida". Inda take zaune da mita ake awo, kuma telarta mita shida ta ce. Ni na ji shida na sayi yadi shida. Yadi ɗaya santimita 91.44 ne, mita kuwa santimita 100. Yadi shida ke nan bai cika mita biyar da rabi ba, an samu giɓin kusan santimita 51. Ko da launin ya yi daidai, da ɗinkin ya gaza. Faɗi ma yana shiga lissafi, don akwai yadi mai faɗin inci 45, akwai mai inci 60, kuma tela tana yanke tsawon da take buƙata ne bisa faɗin da ta sa a ranta.

Komawa kantin bai yi amfani ba. Yadin da aka riga aka yanka daga bandir ba a karɓarsa, kuma ban ga laifin mai kantin a nan ba, tun da ni na ce ya yanka. Abin da na koya game da shi kawai, "shi ne" a bakin mai sayarwa sau da yawa yana nufin "wannan ne mafi kusa da shi a cikin abin da nake da shi".

Bayan wata biyu aka sake samun mai tafiya, na ce ta ba ni dama in gyara. Wannan karon kafin in fita na roƙe ta ta koma wurin mai rigar ta ɗauki sabon hoto da rana, kusa da taga, ta ajiye farar takarda a gefen yadin. Idan takardar ta fito fara a hoton, launin yadin ma ya kusa gaskiya. Idan ta yi rawaya, an san hasken ya yi ƙarya. Na ce ta turo shi a WhatsApp ta hanyar Document, domin turawar da aka saba tana matse hoto har saƙar zaren ta ɓace. Na tambaye ta yadda yake a hannu, mai kauri ne ko shara-shara, auduga ce ko mai santsin roba. Muka yi sa'a mai rigar tana da ragowar ƙyalle, kuma a gefensa akwai rubutun da wasu masaƙu ke bugawa, sunan kamfani da lambar zanen. Da wannan lambar na daina cewa "mai kama da wannan", na koma tambayar abu takamaimai.

Da na same shi ban bari an taɓa almakashi ba. Na nemi izini na fito da bandir ɗin bakin ƙofa inda hasken rana yake, na shimfiɗa tef a kan furannin, na kira Yaya ta bidiyo. Na sa ta kashe abin rage hasken ido na dare a wayarta, don shi ma yana sa allo ya yi rawaya. Ta duba fuska da bayan yadin, na matse shi a hannuna na saki ta ga yadda yake yamutsewa, sannan ta ce, "Shi ne, a yanka." Na ce a auna mita shida da tef a gabana, kuma duka daga bandir ɗaya, domin zane ɗaya da aka rina a lokuta dabam yakan ɗan bambanta a launi.

Akwai tambayar da na yi mata tun kafin in bar gida, wadda ita ce na fi jin nauyin yi: "Yaya, in ban samu shi kansa ba, in sayi mai kama da shi ne ko in bari?" Ta ce in bari, gara kuɗin su zauna a hannuna har a samu. Na ce ta rubuto mini hakan a saƙo tare da tsawo da faɗi da launi, ta rubuto, kuma da wannan saƙon a buɗe na tsaya har aka gama awon.