Abin da fendulum ya koya min game da tantance fomula

Cikin abubuwan da na koya a fiziks babu wanda ya zauna min kamar binciken daimenshon, wato kafin ka yarda da fomula ka fara duba ko abin da ke hagun alamar daidai jinsinsa ɗaya da na dama. A littafi ana rubuta jinsunan da M na nauyi, L na tsawo da T na lokaci, amma ni na fi gane shi da kilogiram, mita da sakan, to da su zan yi bayani.

Fendulum dai zare ne da ƙwallon ƙarfe a ƙarshensa yana lilo, abin da ake nema shi ne T, lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo sau ɗaya, amsar kuwa dole ta fito a sakan. Abubuwan da ke hannunmu su ne tsawon zare L a mita, nauyin ƙwallo m a kilogiram, sai g, ƙarin gudun da abu mai faɗowa ke samu kowane sakan saboda jan ƙasa, wajen 9.8 m/s².

A ce ana gobe firaktikal abokinka ya rubuta maka T = 2π√(g/L) ya ce ai haka malam ya bayar. Ba sai kun yi musu ba. Ka ɗauki g, mita bisa sakan sukwaya, ka raba da L, mita ta cinye mita, saura 1/s², ka ɗauki sukwaya rut ya zama 1/s. Hagu sakan, dama ɗaya bisa sakan, shi kenan fomular ta faɗi tun ba a ɗaura zare ba. Juya ta zuwa √(L/g) sai ka ga mita ta tafi s² ya hau sama, rut ɗinsa sakan cif.

Inda abin ya fi burge ni shi ne maganar nauyi. Yawancinmu zuciya tana raya mana cewa ƙwallo mai nauyi dole lilonsa ya bambanta da mara nauyi, don haka in wani ya kawo T = 2π√(mL/g) sai ka ji kamar ta fi kama hankali. Amma duba, kilogiram a cikin m kaɗai yake, babu shi a L babu shi a g, to me zai cinye shi? Ko ta ina ka saka m sai kilogiram ya maƙale a amsa, lokaci kuwa ba a auna shi da kilogiram. Kenan matuƙar waɗannan ukun ne kawai a lissafin, nauyi ba shi da wurin zama. Sai in ka shigo da tirjiyar iska, a nan ne wani kilogiram ɗin zai shigo har nauyi ya sami ta cewa, shi ya sa a lab ake ba mu ƙaramin ƙarfe mai nauyi ba dunƙulen takarda ba.

To amma fa hanyar nan tana da iyaka, kuma gaskiya ina ganin ba a cika nanata wannan a aji ba. Tana iya kayar da fomula, ba ta iya tabbatar da ita. T = √(L/g) ta tsallake gwajin lafiya lau, haka T = 2π√(L/g), don 2π lamba ce zalla ba mita ba sakan, binciken ba ya ma ganinta. Saka zare mita 1: ta farko ta ba ka wajen sakan 0.32, ta biyu wajen sakan 2.0, bambancin ya haura ninki shida kuma dukkansu sun ci jarabawar daimenshon. A nan sai dai ka koma ga lissafin dokar Newton ko ka ɗauko zare da agogon waya. Ka auna daga inda aka rataye shi zuwa tsakiyar ƙwallon, ka ƙirga lilo 20 don kuskuren danna agogo ya rarrabu a kansu, za ka sami wajen sakan 40, raba da 20 ka ga wacce ta yi gaskiya.

Kusurwa ma haka take ɓuya, tunda a radiyan tsawo ne bisa tsawo, ba ta da daimenshon, saboda haka binciken ba zai ce maka uffan ba a kan ko nisan da ka ja ƙwallon yana canza T, alhali yana canzawa. In ka sake shi daga digiri 10 ƙarin bai wuce kashi 0.2 cikin 100 ba, amma daga digiri 60 lokacin yana ƙaruwa da wajen kashi 7 cikin 100. In ka ga g ɗin da grup ɗinku ya fitar daga T da L da kuka auna ya sauka wajen 8.5 alhali fomularku daidai take, ka fara tambayar wanda ya riƙa sakin ƙwallon nisan da yake jansa.