Wake ja da wake fari a cikin ƙwarya

Shafi goma sha ɗaya aka miƙo mini da Faransanci a Garwa, takardar amincewa ce ta gwajin wani maganin rigakafi, aka ce in mayar da ita Hausa. Na gama cikin kwana huɗu. Wani da bai ga asalin ba ya sake mayar da fassarata Faransanci, aka gwada biyun, suka dace. Na ɗauka aiki ya ƙare.

Da muka karanta wa wasu mata shida don gwaji, sai na tambayi wata dattijuwa: "Inna, wa zai zaɓi maganin da za a ba ki?"

Ta ce, "Likita mana, ɗan nan. Ai shi ya san wanda ya dace da jikina."

Nan gabana ya faɗi. A wannan gwaji, na'ura ce ke raba mutane gida biyu ba tare da duba kowa ba. Rabi su sami maganin, rabi su sami ƙwaya mai kama da shi wadda babu magani a cikinta, kuma likitan kansa bai san wa ya sami wanne ba. Ni kuwa na rubuta "za a zaɓa miki", wanda a kunnen Bahaushe kulawa ce. Na sauya zuwa "ƙuri'a", sai wata ta tambaya ko hannu za su ɗaga kamar ranar zaɓe. "Caca" kuwa ban ma kusance ta ba, kowa ya san hukuncinta a addini.

Ƙwarya ce ta fid da mu. Na zuba wake ja goma a madadin maganin, da fari goma a madadin ƙwayar da babu magani a cikinta, na rufe da mayafi, kowace ta sa hannu ta ɗauki ɗaya. Inna ta juya farin wakenta a tafin hannu, ta ce, "Ashe ina iya shan ƙwayar nan wata da watanni, ba komai a ciki?" Na ce haka ne. Daga bakinta na ɗauki jimlar da ta shiga takardar. Da waken nan kuma muka bayyana illa: cikin goma, ɗaya na iya yin jiri.

Batun janyewa ma sai da na gyara. "Kina da 'yancin fita" bai isa ba, domin tsoronsu kada ma'aikatan asibiti su juya musu baya. Na rubuta ƙarara: ko kin dangwala yatsa, kina iya fasawa kowace rana ba sai kin faɗi dalili ba, kuma za a ci gaba da duba ki kamar da. Wadda ba ta karatu, sai an karanta mata gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken.

Gyaran ya koma gaban kwamitin ɗa'ar bincike, ya ci mana mako uku. Ranar da aka sake zama, biyu daga cikin shidan suka ce ba za su shiga ba. Inna na cikinsu.