Yadda na biya kuɗin makaranta a Birtaniya daga asusun dala na gida

Jami'ar da na yi digiri na biyu a Ingila ba ta karɓar tsabar kuɗi a hannu, kuma ba ta son ɗalibi ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusunta daga ƙasar waje. Duk wanda kuɗinsa zai fito daga waje, shafin Flywire take nuna masa. Wasu jami'o'in kuma Convera suke amfani da shi, wato kamfanin da a da ake kira Western Union Business Solutions kafin a sauya masa suna a 2022. Aikinsu kusan iri ɗaya ne: su karɓi kuɗinka da dala ko wani kuɗin da suka amince da shi, su canza shi zuwa fam, su miƙa wa makaranta tare da sunanka da lambarka ta ɗalibi. Kuɗin karatuna fam 15,000 ne. Na fara biyan kafin alƙalami na fam 5,000 tun ina Kano, ragowar kuma aka raba mini gida biyu bayan na isa.

Abu na farko, ta cikin shafin jami'a ake shiga, inda ɗalibi ke duba bashin da ake bin sa. Daga can za ka danna wajen biya ya kai ka shafin kamfanin, sunan makarantarka na sama. Ban taɓa bin wata mahaɗa da aka turo ta WhatsApp ko imel ɗin da ban san mai shi ba, domin shafin bogi ba wuyar ƙirƙira gare shi ba. Da ka shiga, tambaya biyu za a yi maka: daga wace ƙasa kuɗin zai fito, kuma fam nawa za ka biya. Tambayar farko tana rikita mutane. Ba ƙasar da kake zaune ake nufi ba, ƙasar da asusun yake ake nufi. Ko lokacin da nake zaune a ɗakina a Ingila, Najeriya na zaɓa, saboda asusun dala na mahaifina ne zai biya.

Daga nan sai hanyoyin biya su fito a jere, kowace da jimillar abin da za ta ci. Nan ne wurin tsayawa a yi lissafi, domin ba a rubuta maka ladan kamfani daban; yana cikin farashin canjin da aka ba ka. A ce kason fam 5,000 ne. Idan tura kuɗi ta banki ya nuna dala 6,400, kati zai iya nuna 6,550 ko sama da haka, saboda kamfanonin kati suna da nasu kason. Sai ka raba 6,400 da 5,000, ka ga ana sayar maka da fam ɗaya a kan dala 1.28, na kati kuma 1.31. Bambancin dala 150 ne, amma ba a nan lissafin ya ƙare ba, sai ka ɗora cajin da bankinka zai cira na aika kuɗi waje a kan hanyar farko. Idan ya kai dala 50, ribarka ta koma ɗari. A kan babban kuɗi banki ya fi sauƙi kusan kullum. A kan ƙaramin kuɗi, kamar cikon fam 200, cajin bankin kaɗai ya isa ya sa kati ya fi araha.

Ni dai katin naira bai ma shiga lissafina ba. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu kuma suka rufe gaba ɗaya. Akwai hanyar Form A ta Babban Bankin Najeriya, wato fom ɗin neman kuɗin waje ta banki don biyan kuɗin makaranta, wadda iyaye da yawa suka dogara da ita saboda farashin gwamnati ya fi na 'yan canji sauƙi nesa ba kusa ba. Tun da aka haɗe farashin canji a watan Yunin 2023 wannan rangwamen ya ragu ƙwarai, kuma mu lokaci ne ba mu da shi, don haka Abba ya ce a yi da dalar da ke asusunsa.

Bayan zaɓen hanya sai cike bayanai, kashi biyu: na mai biya da na ɗalibi. A gurbin mai biya sunan Abba na sa, harafi da harafi kamar yadda yake a asusunsa, ba sunana ba. Kamfanonin nan doka ta ɗora musu binciken inda kuɗi ya fito, kuma idan sunan da ke kan kuɗin da ya iso ya saɓa da wanda aka rubuta, sai su tsayar su nemi fasfo da bayanin dangantaka. Mu da muke rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, sai mun lura sosai. A gurbin ɗalibi kuwa lambar da jami'a ta ba ni ce abin dubawa sau biyu, ita ce za ta sa kuɗin ya faɗa kan sunana a cikin dubban ɗalibai.

Da ka gama, ba kuɗi ka biya ba tukuna, wuri kawai ka kama. Shafin zai ba ka takardar umarni da za ka sauke, ɗauke da sunan bankin da za a tura wa, lambar asusu, lambar SWIFT da ake gane bankin da ita a duniya, adadin dalar da za a aika, ranar da farashin zai daina aiki, da kuma lambar biya, haruffa uku da jerin alƙaluma a bayansu. Wannan lambar ita ce ran al'amarin. Asusun da ka gani a takardar na kamfanin ne, kuɗin ɗalibai masu yawa ke shiga cikinsa, kuma da lambar ake gane wanne ne naka. Kowane biya da tasa lambar. Ta zangon farko ba ta yi wa zango na biyu aiki, kuma ba a raba kuɗin lamba ɗaya a aika shi sau biyu. Idan bankinka ya ƙayyade abin da za ka iya aikawa a rana, sai ka kama wuri biyu, kowanne da adadinsa da lambarsa.

Na tura wa Abba takardar, na kira shi kafin ya tafi banki. Na ce, "Abba, don Allah abu biyu za ku sa wa ido a fom ɗin. Lambar nan su rubuta ta a gurbin bayanin biya, ita kaɗai, kada su sa kuɗin makaranta kawai. Sannan wajen caji ku ce OUR kuke so." Ya ce, "To, ita kuma mece ce?" Amsar ita ce, fom ɗin aika kuɗi waje yana da zaɓi uku na wanda zai ɗauki caji. OUR na nufin mai aikawa ya ɗauki duka. SHA na nufin a raba, kai ka biya na bankinka, sauran a cire daga cikin kuɗin a hanya. BEN kuwa komai daga cikin kuɗin ake cirewa. Dala da ta tashi daga Najeriya ba ta tafiya kai tsaye, sai ta bi ta wani bankin tsakiya, galibi a New York, kuma shi ma yana yankar ladansa. Wani abokin zamana a gidan haya an aika masa da SHA, kuɗin ya iso da giɓin dala 25. Ba wani abu ba ne a ido, amma a littafin makaranta mai bashin fam 20 da mai bashin fam 2,000 duk sunansu masu bashi, kuma wasiƙar tuni iri ɗaya ake aika musu. Da kati ya cike giɓin.

Kafin Abba ya bar banki na roƙe shi ya nemi a ba shi MT103 idan kuɗin ya fita. Rasit ɗin da ake bayarwa a kanta shaida ce kawai ta cewa an cire kuɗi daga asusunka. MT103 kuwa a lokacin kwafin saƙon SWIFT ɗin da bankinka ya aika wa ɗayan bankin ne kansa, yana nuna ranar da kuɗin ya tashi, adadinsa, bankin da ya bi, abin da aka rubuta a gurbi na 70 inda lambar biya ke zama, da zaɓin caji a gurbi na 71A. Idan kuɗi ya maƙale, kwafin saƙon SWIFT ɗin ne takardar farko da kowa zai tambaya.

Sauran aikin sa ido ne. Shafin yana nuna matakin da biyan yake. Initiated na nufin ka kama wuri amma kuɗi bai iso ba. Guaranteed na nufin ya iso hannun kamfanin. Delivered na nufin an miƙa wa makaranta. Ko bayan wannan ma sai ofishin kuɗi na jami'a ya shigar da shi a asusunka na ɗalibi, wanda kan ɗauki wasu kwanakin aiki, musamman a Satumba da Janairu lokacin da kowa ke biya. Shi ya sa na daina kallon ranar ƙarshe ta makaranta a matsayin ranar biya. Mako biyu nake ja baya daga gare ta. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi, hutun Sallah a gida yana tsayar da bankinka, hutun Amurka kuma yana tsayar da dala ko da Kano da Landan duk suna aiki. Kuɗin da aka aika da yammacin Juma'a, a zahiri ranar Litinin ya tashi. Idan ranar da ke kan takardar umarni ta wuce ba a aika ba, kada a aika da tsohon adadi, a koma a kama sabon wuri da sabon farashi.

Ga wanda bai sami biza ba tukuna, kafin alƙalamin yana da wani amfani. Takardar CAS, wato shaidar samun gurbin karatu da jami'a ke bayarwa don neman biza, tana nuna abin da aka riga aka biya, kuma ana cire shi daga kuɗin da dole ka nuna a asusu na kwana 28 a jere. Saboda haka da na ga Delivered sai na rubuta wa ofishin ɗaliban waje su tabbatar fam 5,000 ɗin ya bayyana a CAS kafin in cike fom ɗin biza.

Kason ƙarshe da kati na biya wani ɓangarensa, katin bankin Birtaniya da nake karɓar ladan aikina na ɗan lokaci. Wannan cikin minti kaɗan ya wuce, sai dai banki ya nemi in amince ta manhajar waya. Mai amfani da katin dala na gida ya tabbatar layin da lambar sirri za ta shigo yana tare da shi ko da wanda zai ɗaga waya nan take, ya kuma nemi banki ya ɗaga masa iyakar kashewa ta rana tun kafin ya fara, domin yawancin katin da ake ƙi karɓa wannan iyakar ce dalili.

Akwai kuma masu bin ɗalibai a zaurukan WhatsApp suna cewa ka ba su naira su biya maka da ragin kashi ashirin cikin ɗari. Biyan yakan shiga da gaske, har ka gan shi a shafin makaranta, saboda da katin sata aka yi shi. Bayan 'yan makonni mai katin ya kai ƙara, bankinsa ya janye kuɗin, bashin ya dawo kanka, ga kuma tambayoyin da jami'a za ta yi maka a kan wanda ya biya. Ko da ɗan canjin na kirki ne, akwai matsalar maido da kuɗi: idan aka hana ka biza ko ka fasa karatun, asusun da kuɗin ya fito can ake mayar da shi, ba wanda ka nuna ba. Idan daga asusun Abba ya tashi, wurin Abba zai koma. Idan daga na wani ɗan canji ne da ka sani ta waya kawai, fam dubu biyar ɗinka wurinsa za su sauka.