Yadda na yi fama da kalmar jeong wajen sa wa fim ɗin Koriya fassarar Hausa

Goggona tana karanta Hausar boko sarai, amma Turanci bai zauna mata ba, ga ta kuma da son wasannin Koriya masu dogon zango. Shi ya sa na ɗauki wani wasan iyali, irin wanda ake nunawa a can ƙarshen mako, na ce zan sa masa rubutun ƙasan allo da Hausa. Kayan aikina uku ne: fassarar Turanci da ta zo da fim ɗin, rubutun maganganun da Koriyanci, da abin da na koya na harshen. Manhajar da na yi aiki da ita Subtitle Edit ce. Sunayen abinci da na dangi sun ba ni aiki, amma ba su kai wata kalma mai gaɓa ɗaya ba, wato 정, da ake rubutawa jeong da haruffan boko. Furucinta ya fi kusa da "cong" ko "jong".

Asalinta harafin Sinanci ne, 情, kuma Sinawa da Japanawa ma suna da shi, sai dai Koriyawa sun ɗora masa nauyi na daban. Jeong ita ce abin da ke ƙulluwa tsakaninka da wanda kuka daɗe tare, kuka ci abinci kwano ɗaya, kuka sha wuya tare. Tana shiga tsakanin miji da mata, da maƙwabta, da mai shago da mai saye, har tsakanin mutum da tsohon gidansa ko karensa. Ba sai kana son halin mutum take kama ka ba.

Abin da ya fara buɗe mini ido shi ne aikatau ɗin da ke bin kalmar. Bakoriye yakan ce jeong-i deureotda, wato jeong ta shiga. Wannan aikatau, deulda, da shi suke cewa rini ya kama tufa, da shi suke cewa barci ya ɗauki mutum, da shi kuma suke cewa cuta ta kama shi. A jimlar, jeong ce mai aikatawa. Mutumin bai nufa ba, bai ma san ranar da abin ya soma ba. Turanci kuwa yana son a ce "ni na yi kaza", sai mai fassara ya rubuta "I like him", nan take abin ya koma ra'ayin mai magana, kamar ya zauna ya zaɓa.

Matsala ta biyu ta wuri ce da lokaci. Rubutun ƙasan allo yana da awo. A ƙa'idar da Netflix ya shimfiɗa wa fassarar Turanci, layi ɗaya ba ya wuce haruffa 42, layuka ba sa wuce biyu, rubutu ba ya zama a allo fiye da daƙiƙa 7, kuma ba a ɗora wa babba fiye da haruffa 20 a daƙiƙa guda. Ni na tsayar wa kaina 17, saboda Goggo ba ta karatu da gaggawa. To jeong gaɓa ɗaya ce a bakin ɗan wasa, kafin ka ƙifta ido ya wuce ta, alhali bayaninta yana cin jimla guda.

Ga wurin da ya fi cin lokacina. Uwa da 'yarta suna zaune a ƙasa suna gyaran ganye, mijin yana ɗaki yana tari. Shekara da shekaru yana ɓata mata rai. 'Yar ta tambaye ta ko tana son Baba. Uwar ba ta ɗago kai ba, ta ce: sarang-eun museun, jeong ttaemune saneun geoji. Kalma da kalma, cewa ta yi, wane so kuma, saboda jeong ake zaune. Fassarar Turancin ta ce: "Love? Please. I'm just used to him." Ban ga laifin wanda ya rubuta haka ba, domin matar da bakinta ta kore so, ba shi da damar maido shi. Amma duk wanda ya karanta wannan zai ɗauka matar ta gaji ne, haƙuri kawai take yi, alhali mai jin Koriyanci ya ji ta faɗi abin da a wurinta ya fi so ƙarfi. Suna ma da wata magana da suke yawan yi, cewa jeong ta fi so ban tsoro, don so yana iya hucewa, ita kuwa in ta kama da wuya ta saki.

Maganar ta ɗauki daƙiƙa 2, ke nan ina da haruffa 34. Abin da zuciyata ta so in rubuta shi ne, "Shekarun da muka yi tare, daɗi da wuya, su suka ɗaure ni da shi." Haruffa 64 ke nan, kusan ninki biyu, kuma manhajar tana maida lambar ja da zarar ka wuce awo. Sai na koma kan kalmomi biyu da Hausa ta miƙo mini, sabo da shaƙuwa. Sabo yana da hujja babba, tunda mu ma muna cewa sabo ake yi wa kuka. Amma ana sabo da wahala, ana sabo da zafin rana, kuma a bakin matar da ta gama cewa "wane so", zai fito da sanyi irin na Turancin. Shaƙuwa ba ta da wannan haɗarin, domin ba a shaƙuwa da abin da zuciya ba ta taɓa ba. Ga abin da na bari, haruffa 31:

```
412
00:31:08,200 --> 00:31:10,200
Wane so? Shaƙuwa ce ta riƙe mu.
```

Na zaɓi "mu" da gangan. Koriyanci bai ambaci ni ko mu ba a jimlar, yakan bar wakilin suna idan an san da wa ake. Da na sa "ni", sai ta zama ita kaɗai aka ɗaure. (Mai son gwada wannan aiki ya adana fayil ɗinsa da tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su fito a allo kamar tarkace.)

Da Goggo ta zo wurin, sai ta dakatar da fim ɗin ta ce, "Ke 'yar nan, ai wannan matar ba za ta iya kwana ɗaya ba shi ba." Abin da nake so ta ji ke nan.

Sai dai kalma ɗaya ba ta isa a bi wasan da ita har ƙarshe ba, kuma a nan ne na ga babbar asarar da ake tafkawa. Marubucin wasan yana dawo da jeong a kashi daban-daban, kowane zuwa da aikatau ɗinsa. A farko wata yarinya ta ce jeong ta shiga tsakaninta da yaron da take raino. A tsakiya suruka ta ce wa ɗanta jeong tteoreojinda, jeong ta faɗo. Can gaba wani dattijo mara lafiya ya riƙa yi wa jikarsa tsawa ba dalili, aka ce yana yi ne jeong tteryeogo, don ya ɓamɓare jeong tun kafin ya mutu, kada rabuwar ta yi mata ciwo. Bakoriye yana jin zare ɗaya a duka ukun. A Turancin kuwa na farko ya zama "attached", na biyu "I'm sick of you", na uku "pushing her away". Kowanne daidai yake a wurinsa, amma mai kallo ba zai taɓa sanin abu ɗaya ake ta magana a kai ba. Kuma da yake akasarin fassarorin sauran harsuna daga Turancin ake ɗauko su, asarar takan bi su duka.

Hanyar gane haka mai sauƙi ce. Na buɗe rubutun Koriyancin, na nemo duk inda 정 ta fito da wannan ma'ana, na jera su a takarda tare da abin da Turanci ya ce a gefe. Sai an yi hattara, don wannan gaɓar tana cikin kalmomi da yawa da ba ruwansu da ita, kamar jeongmal, wato "da gaske", har da sunayen mutane. Da na kalli jerin, sai na ga ashe Hausa tana da zarenta, wato rai. Mukan ce yaron nan ya shiga raina. Mukan ce wane ya fita daga raina. Mukan ce ki cire shi daga ranki. Shiga, fita, cirewa, kusan tafiyar aikatau ɗin Koriyancin ke nan, kuma a biyun farko mai maganar ba shi ne mai aikatawa ba, faruwa abin ya yi a kansa. Don haka inda jeong ta tsaya a matsayin suna na sa shaƙuwa, inda take motsi na bi ta da rai. Maganar dattijon ta zama, "So yake ta cire shi daga ranta."

Akwai kuma inda kalmar ke fitowa a wasa-wasa. Mai gida tana zuba wa baƙo shinkafa, ta ƙara ludayi na biyu tana cewa han beon jumyeon jeong eopda, bayarwa sau ɗaya babu jeong a ciki. Turancin ya ce "Have some more", ya wuce. Ni na sa, "Zubi ɗaya ai rowa ce." Na san rowa ba ita ce kishiyar jeong ba, amma ta riƙe zolayar da ɗumin. Haka ƙarin da 'yar kasuwa ke yi wa mai saye, wanda suke kira deom kuma suke ɗaukarsa alamar jeong, shi ne gyara a wurinmu, bai ba ni wuya ba ko kaɗan.

Wanda har yanzu ban gamsu da shi ba shi ne miun jeong. Koriyawa sun kasa jeong biyu: goun jeong, wadda ke zuwa ta hanyar daɗi, da miun jeong, wadda ke ƙulluwa ta hanyar faɗa da jin haushi. Sukan haɗa su su ce miun jeong goun jeong da deureotda, duka biyun sun shiga. A wasan, wata mata ce ta faɗi haka game da uwar mijinta da suka shekara suna sa-in-sa, ranar da tsohuwar za ta koma ƙauye. Mu muna da "zo mu zauna, zo mu saɓa", amma wannan karin yana cewa ne zama na kawo saɓani. Na Koriya cewa yake yi saɓanin kansa yana haifar da shaƙuwa, faɗan yana cikin abin da ya ɗaure su. Na gwada "abokin faɗa ma ana kewarsa", sai na ga ya yi kama da wa'azi, matar kuwa kuka take dannewa. A ƙarshe na rubuta, "Da faɗan da daɗin, duk ta shiga raina." Haruffa 38 ne, suna neman fiye da daƙiƙa 2, sai na bar rubutun ya ɗan jima a allo bayan ta yi shiru, tunda kyamara tana kan fuskarta kuma ba wanda ya yi magana bayanta.